Layin da ke ƙasan sunanka: a rubuta shi da kalmomin da mai ɗaukar aiki ke nema

Yau za mu tattauna a kan wani ɗan gajeren rubutu wanda bai kai sakin layi guda ba, amma yana iya zama sanadin a kira mutum aiki ko a wuce shi. Muna nufin layin nan da ke fitowa ƙasan sunan mutum a LinkedIn, wanda manhajar ta sa wa suna `Headline`. Mu a nan za mu riƙa ce masa take.

Ra'ayinmu a kansa ɗaya ne, kuma za mu faɗe shi tun daga farko. Wanda ya gama karatu yana neman aikinsa na farko, bai kamata ya cika takensa da bayanin halin da yake ciki ko kyawawan ɗabi'unsa ba. Abin da ya dace ya zuba a wurin shi ne sunan aikin da yake nema da abubuwan da ya iya yi, da ainihin kalmomin da mai ɗaukar aiki zai buga a akwatin bincike, kuma kada ya sa ko ɗaya wanda ba zai iya nunawa a aikace ba. Mun san akwai masu ja da wannan, kuma wasu hujjojinsu na da ƙarfi. Za mu zo kansu.

Sai mu fara da yadda abin yake aiki, don a nan ne hujjarmu ta samo tushe. LinkedIn na ba mutum haruffa 220 ya rubuta takensa, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Wannan layi yana bin sunanka duk inda ka je a manhajar. Idan ka yi sharhi a ƙarƙashin rubutun wani, yana nan. Idan ka aika buƙatar ƙulla alaƙa, yana nan. Idan ka fito a sakamakon bincike, shi ne abin da ake gani tare da hotonka da garin da kake. Sai dai a yawancin waɗannan wurare, musamman a waya, ba a nuna shi duka. Ana datse shi bayan 'yan kalmomin farko, sauran sai wanda ya buɗe shafinka zai gani. Idan kuma ba ka rubuta komai ba, manhajar na cike maka wurin da kanta daga abin da ka shigar na aiki ko makaranta. Shi ya sa za ka ga matasa rututu da take iri ɗaya: `Student at` makaranta kaza, ko `Corps Member at NYSC`.

Yanzu mu koma ɓangaren mai neman ma'aikaci. A ce wani kamfanin fassara ya karɓi kwangilar juya wasu bidiyoyin wayar da kai kan lafiya zuwa Hausa, yana buƙatar mutum uku cikin mako biyu. Jami'ar da aka ɗora wa nemo su ba ta san sunan kowa ba. Abin da ke hannunta kalmomi ne kawai. Za ta buɗe akwatin bincike ta rubuta wani abu kamar haka:

```
Hausa AND (translator OR translation) AND subtitling
```

Ma'anarsa, a kawo mata duk wanda shafinsa ke ɗauke da kalmar `Hausa`, da ɗaya daga cikin kalmomi biyun da ke tsakiya, da kuma ta ƙarshen. Daga nan sai ta tace da ƙasa ko gari. Manyan kamfanoni na biyan kuɗin wata manhaja ta musamman mai suna LinkedIn Recruiter, wadda ke ba su damar tacewa da sunan aiki, da ƙwarewa, da makaranta, har da shekarar gama karatu. Ko da wace aka yi amfani, ƙarshen abin ɗaya ne: jerin sunaye ne zai fito mata, kowane da layi guda a ƙasansa, ta riƙa bi da ido tana zaɓar waɗanda za ta buɗe.

To, a nan ne take ke yin aiki biyu. Na farko, kalmomin cikinsa na daga abin da bincike ke kamawa. Na biyu, bayan an kamo ka, shi ne zai sa a buɗe shafinka ko a zarce. Duk wanda ya riƙe waɗannan biyun a ransa, zai gane dalilin da ya sa taken da ya fi yawa a wajen sabbin masu digiri ba ya kai su ko'ina. Ga irinsa:

```
Fresh Graduate | Passionate and Hardworking | Seeking New Opportunities
```

Ku duba shi kalma bayan kalma, ku tambayi kanku wacce ce a ciki jami'ar can za ta taɓa bugawa. Ba ta neman mai himma, don kowa ma cewa yake yana da himma. Ba ta neman mai neman dama, don ba sana'a ba ce. Layin ya faɗa mata buƙatar mai shi, bai faɗa mata abin da za ta samu a wurinsa ba. Kamar mai shago ne a kasuwar Kwari ya kafa allo a ƙofa ya rubuta cewa shi mai gaskiya ne kuma yana neman ciniki, amma bai ce ko atamfa yake sayarwa ko shadda ba. Mai neman shadda zai gifta ta gabansa ya shiga maƙwabta, ba don ya raina gaskiyarsa ba.

Idan kuwa damuwar mutum ita ce a san yana neman aiki, akwai wurin da aka tanadar wa wannan daban. Shi ne `Open to Work`, inda za ka zaɓi sunayen ayyukan da kake so da wuraren da za ka iya yi, sannan ka zaɓi ko kowa ya gani da koren zoben nan a jikin hoto, ko masu ɗaukar aiki kaɗai. Tunda an yi wa wannan sanarwa ɗakinta, babu dalilin kashe mata kalmomin farko na take, waɗanda su ne mafi tsada a duk shafin.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wata ƙanwarmu ce ta gama digiri a fannin Hausa a Jami'ar Bayero, ta kammala bautar ƙasa a wata makarantar sakandare. Ba ta taɓa riƙe aikin albashi ba. Amma a lokacin aikin bincikenta na shekarar ƙarshe ta ɗauki hirarraki da tsofaffi a waya ta mayar da su rubutu. Ta sha fassara wa wata ƙungiyar unguwa takardun sanarwa daga Turanci. Tana rubuta gajerun labarai, ƙawayenta kuma na turo mata nasu ta gyara musu ƙa'idojin rubutu. Takenta na yanzu shi ne `Writer | Novelist | Lover of Words`.

Matakin farko ba rubutu ba ne, karatu ne. Ta shiga sashen `Jobs`, ko duk inda ake tallan aiki, ta tattaro sanarwa goma zuwa goma sha biyar na irin aikin da take ganin za ta iya. Ta ɗauki takarda da biro, duk kalmar ƙwarewa ko sunan manhaja da ta gani sai ta rubuta, idan ta sake fitowa a wata sanarwar ta ja mata layi. A ce cikin sanarwa goma sha biyu da ta tara, `Translator` ta fito a tara, `Transcription` a bakwai, `Proofreading` a shida, `Subtitling` a huɗu, `Interpreter` a uku, `Novelist` kuwa ko sau ɗaya. Wannan takarda ta riga ta gaya mata abin da kasuwa ke kiran hajarta. Aikin bai fi na yamma ɗaya ba, kuma ya fi duk wata shawara da wani zai ba ta da ka, har da tamu, domin kalmomin daga bakin masu ɗaukar aikin suka fito.

A nan akwai wani tarko da ya shafe mu Hausawa musamman. Mu a bakinmu, fassara na iya ɗaukar ta rubutu da ta baki, ko da yake muna da kalmar tafinta. A tallan aiki kuwa an raba su sarai: `Translator` mai juya rubutu ne, `Interpreter` mai juya magana ne nan take, a asibiti ko taro ko kotu. Haka `Transcription` ba fassara ba ce, sauraron magana ne a rubuta ta a harshen da aka yi ta. `Subtitling` kuma shi ne rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo daidai lokacin da ake furta maganar. Wanda ya cakuɗa su a takensa ya sanar da mai karatu cewa bai san sana'ar ba tun kafin a gaisa.

Mataki na biyu shi ne tankaɗe, kuma shi ne ya fi wuya don yana buƙatar mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Kowace kalma a takardar nan sai ta amsa tambaya ɗaya: in aka turo gwaji gobe da safe, aka ce a dawo da shi kafin la'asar, za a iya? Ƙanwar tamu ta san ta iya fassarar rubutu, ta iya mayar da magana rubutu, ta iya tace rubutu. Waɗannan sun tsallake. Tafinta ba ta taɓa yi ba, kuma ta san harshenta na sarƙewa idan aka sa ta juya magana a gaban jama'a. Wannan sai ta soke ta, ko da kuwa an ce ta fi kuɗi.

Saura `Subtitling`, wadda ke tsaka-tsaki. Ba ta taɓa yi ba, amma abu ne da mai kunnen harshe zai koya cikin ɗan lokaci. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Subtitle Edit. Ta sauke ta, ta ɗauki bidiyon minti biyar, ta koyi yanka magana ta yadda rubutu ba zai wuce layi biyu a fuska ba, kowane layi kuma ya tsaya wajen haruffa 42, wanda shi ne ma'aunin da manyan kamfanonin fim da yawa ke bi. Ta fitar da fayil ɗin `.srt`, ta ɗora shi a kan bidiyon ta kalla, ta ga ko rubutun na riga magana ko yana makara. Ranar da ta gama guda biyu ko uku masu kyau, ranar ce kalmar ta cancanci shiga takenta. Kafin nan ba ta da hurumi a wurin. Haka za ta yi da OmegaT, manhajar fassara ta kyauta da ke yanka rubutu jimla-jimla tana adana abin da aka riga aka fassara don kada a maimaita wahala. Kamfanonin fassara da yawa na ambatar Trados ko memoQ a tallansu. Idan ba ta taɓa buɗe su ba, kada ta rubuta su, ta rubuta wadda ta sani.

Mataki na uku shi ne jerawa. Tunda farkon layin ne kaɗai ake da tabbacin za a gani, abin da ya fi nauyi shi ke shiga gaba: sunan aikin. Sai ƙwarewa biyu ko uku. Sai kayan aiki. Sai shaida guda a ƙarshe. Ga abin da zai fito mata:

```
English to Hausa Translator | Transcription, Subtitling, Proofreading | OmegaT, Subtitle Edit | B.A. Hausa, BUK
```

Haruffa 111 ne, wato kusan rabin abin da aka ba ta, kuma ba ta da buƙatar cike sauran. Ku lura da wasu abubuwa a cikinsa. Ta faɗi inda fassarar ta dosa, daga Turanci zuwa Hausa, domin a wannan sana'a an fi son mutum ya fassara zuwa harshen da ya tashi da shi, kuma haka ake rubuta tallan. Ko an datse layin bayan kalmomi huɗu na farko, saƙon ya riga ya isa. Digirin ya koma ƙarshe, ba don an raina shi ba, sai don shi shaida ne a kan abin da aka faɗa, ba shi ne hajar ba. Kano ba ta fito ba, saboda gari na da nasa akwatin a shafin, kuma da shi ake tacewa. Sannan babu inda ta ce sabuwar gama karatu ce. Wanda ya buɗe shafin zai ga shekarar a sashen karatu, ba a ɓoye masa komai ba.

Gyaran kansa ba ya cin minti biyu. Ta buɗe shafinta, ta taɓa alamar fensir da ke kusa da sunanta, ta goge abin da ke akwatin `Headline`, ta zuba sabon, ta danna `Save`. Abu ɗaya da za ta kiyaye nan gaba: duk lokacin da ta ƙara sabon aiki a shafin, ta koma ta duba ko manhajar ba ta maye mata take da sunan aikin ba.

Akwai ƙananan abubuwa guda biyu da ke lalata take mai kyau ba tare da mai shi ya sani ba. Na farko shi ne haruffan ado, irin masu kauri ko masu lanƙwasa da ake kwafowa daga wasu shafuka don suna ya yi fice. A ido suna kama da haruffan boko, amma a wajen na'ura alamomi ne daban, don haka wanda ya buga kalmar da haruffan da aka saba zai iya rasa ka gaba ɗaya. Na biyu kuskuren rubutu ne. Wanda ya rubuta `Translater` ya yi asara biyu: ya jefa kansa cikin haɗarin kada bincike ya kamo shi, idan kuma an gan shi, ya nuna wa duniya mai tace rubutu da bai tace layinsa ɗaya tilo ba.

Yanzu sai mu saurari masu ja. Na farkonsu zai ce: yaya wadda ba ta taɓa cin albashin fassara ba za ta kira kanta mai fassara? Ai wannan yabon kai ne, mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci. Wannan kunya muna girmama ta, amma a ganinmu an ɗora ta inda ba wurinta ba. Akwai bambanci tsakanin sunan sana'a da sunan matsayi. Yaron da ya iya ɗinka riga tela ne ko bai buɗe shago ba. Ƙarya na farawa ne idan ya ce shi ne shugaban teloli. Haka nan `Translator` sunan abin da hannunta ke yi ne, amma `Senior`, `Expert` da `Certified` da'awar matsayi ne, kuma ba ta da su tukuna. Abin ma da ya fi kama da yabon kai shi ne tsohon salon, inda mutum ke jera wa kansa himma da hazaƙa da jajircewa, siffofin da ba wanda zai iya aunawa. Shi kuwa wanda ya ce ya iya mayar da magana rubutu, ya miƙa wuyansa ne a gwada shi. Akwai masu neman tsaka-tsaki da kalmar `Aspiring`. Mu ba mu goyon bayanta ga wanda ya riga ya iya aikin, domin tana cinye gaban layi, kuma abin da take faɗa wa mai karatu shi ne a dawo baɗi.

Na biyu zai ce: in na taƙaita kaina ga fassara, na rufe wa kaina sauran ƙofofi, alhali ni ko wane aiki aka ba ni ina so. Mun fahimci wannan tsoro, musamman ga wanda ya daɗe a gida ana tambayarsa labari. Amma ku tuna yadda binciken yake. Babu mai buga "ko wane aiki" a akwati. Wanda ya jera fassara da kiwon kaji da tallan intanet da koyarwa da lissafin kuɗi a layi ɗaya, zai iya fitowa a bincike biyar, sai dai a kowanne zai tsaya ne kusa da mutanen da takensu ya nuna wannan aikin suka sa a gaba, kuma su za a fara buɗewa. Ba a tauna taura biyu lokaci guda. Abin da ke sanyaya rai shi ne take ba zanen dutse ba ne. Mutum na iya riƙe fanni ɗaya wata biyu ko uku, in bai ga motsi ba ya juya. Kuma taken bai hana shi aika takardar neman wani aikin daban ba.

Na uku hujjarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Zai ce bincike ba take kaɗai yake karantawa ba, yana bin shafin gaba ɗaya, to me ya sa ake zuzuta layi guda? Gaskiya ne, kuma wannan ita ce iyakar abin da muke faɗa. Take ba ya tsayawa shi kaɗai. Kowace kalma da ke cikinsa sai ta sami gindin zama a ƙasa. Ƙanwar tamu za ta shigar da kalmomin nan a sashen `Skills`, don masu tacewa da ƙwarewa daga can suke kamawa. Za ta sa Hausa da Turanci a sashen `Languages` tare da matakin da ta kai a kowanne. Fassarar da ta yi wa ƙungiyar unguwa ta shiga sashen aikin sa kai, da bayanin yawan takardun da irinsu. A sashen `Featured` kuma ta ɗora samfuri: shafi guda na Turanci da fassararsa a gefe, da ɗan bidiyon da ta yi wa rubutun ƙasa, muddin ba sirrin wani ba ne kuma tana da izinin nunawa. Gani ya kori ji. Amma duk wannan tanadi, sai an buɗe shafin za a gan shi, kuma take ne ke sa a buɗe.

Na huɗu zai ce a ƙasar nan da hanya ake samun aiki, ba da manhaja ba. Ba za mu yi musun cewa ayyuka da yawa ta hannun sanayya suke fitowa ba, kuma wanda ke jiran aikin ma'aikatar jiha, gyaran take ba zai matso masa da shi ba. Sai dai irin aikin da muke magana a kai, na kamfanonin fassara da ƙungiyoyin agaji da masu ba da aiki daga nesa, sau da yawa mai nema yana wata ƙasa, bai san kowa a Kano ko Sakkwato ba. Ba shi da ɗan uwan da zai tambaya, akwatin bincike ne ɗan uwansa. Ko a harkar sanayyar ma, idan wani ya ce zai tura sunanka, abin da zai tura shi ne adireshin shafinka, kuma layin nan ne farkon abin da za a karanta.

Akwai kuma tambayar da muka san tana ran da yawa a cikinmu: me zai hana a rubuta taken da Hausa? Amsarmu ba ta da daɗi, amma ita ce gaskiya. Ana rubuta take ne da harshen da mai bincike zai buga, kuma tallan aiki a Nijeriya kusan duk da Turanci ake yin sa. Wanda ya rubuta "Mai fassara" kaɗai, jami'ar can ba za ta same shi ba. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa su duba harshen tallan da ke gabansu. Idan Faransanci ne, to `Traducteur` ko `Traductrice` za su sa, kuma su tuna cewa a can `haoussa` ake rubutawa, don haka mai neman aiki a ɓangarorin biyu yana da kyau rubutun biyu su fito a shafinsa. Hausarmu ba ta yi asara ba a nan, domin ita ce hajar da ake tallatawa. Wurin nuna gwanintarta shi ne samfurin da aka ɗora da rubuce-rubucen da mutum ke wallafawa a shafin.

To, ta yaya mutum zai gane ko sabon taken na aiki? Hanya ta farko ita ce ya ba wani da bai san shi sosai ba wayarsa, ya nuna masa layin na ɗan lokaci kaɗan, ya karɓe, sannan ya tambaye shi: wane aiki za ka ba mai wannan shafi? In ya yi jim yana tunani, taken bai fita ba. Ta biyu, ya roƙi wani aboki ya buga kalmomin a nasa akwatin binciken, ya tace da gari, ya ga ko zai fito, da kuma inda aka datse layin. A tuna cewa sakamakon ya danganta da kusancin alaƙa tsakanin mai bincike da wanda ake nema, don haka wanda ke da alaƙa da mutum ashirin kacal zai yi wuyar gani komai kyan takensa. Maganin wannan shi ne ya ƙulla alaƙa da masu sana'ar da ma'aikatan kamfanonin da yake hari. Ta uku, a sashen `Analytics` na shafinsa akwai `Search appearances`, mai nuna sau nawa ya fito a bincike cikin mako da kuma irin wuraren da masu binciken ke aiki. Ya rubuta adadin kafin gyara, ya bar sabon taken mako uku ko huɗu ba tare da ya taɓa shi ba, sannan ya kwatanta.

Karatun sakamakon ma yana da ƙa'ida. Idan adadin bai motsa ba, mai yiwuwa kalmomin ba su ne kasuwa ke bugawa ba, sai a koma ga takardar tallan aiki. Idan yana fitowa a bincike amma ba a buɗe shafin, to a duba gaban layin da hoton. Idan ana buɗewa amma ba a magana, matsalar ta bar take ta koma ciki, wato babu shaidar da ke tallafa wa abin da aka yi da'awa. Idan kuma ana kira, ana turo gwaji, amma daga nan sai shiru, to take ya yi gaba da gwaninta, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Gyaran wannan ba a akwatin `Headline` yake ba, a teburin koyo yake.

Mu da muke koyon rubutu mun saba a ce mana mu san wanda muke rubuta wa. A wannan layin mai karatunmu mutum ne mai sauri, da jerin sunaye a gabansa da wa'adi a kansa, yana neman wanda zai sauke masa wani takamaiman nauyi. Adon magana da muke ƙauna ba zai taimake shi ba, sunan aikin da abin da aka iya su za su taimake shi. Don haka ga aikin wannan mako ga duk mai neman aikin farko a cikinmu: a tara sanarwar aiki goma, a ƙirga kalmomin, a soke duk wadda ba za a iya kare ta da gwajin gobe da safe ba, a jera sauran da sunan aikin a gaba. Wanda ya gama ya kawo tsohon takensa da sabon, mu duba tare mu gyara wa juna.